Tambayoyi da amsoshi kan ikweshan na kwadiratik: fakto, cika murabba'i, ko fomula?

Mene ne ikweshan na kwadiratik, kuma ta yaya zan gane shi?

Shi ne ikweshan da mafi girman fawar x a cikinsa ta tsaya a 2. Idan aka shirya shi, ga kamanninsa:

```
ax² + bx + c = 0
```

Haruffan a, b da c lambobi ne da aka sani, x kuma ita ake nema. Sharaɗi ɗaya ne: a ba za ta zama sifili ba, domin in ta zama sifili, x² ta ɓace. Amma b ko c suna iya zama sifili.

Sau da yawa tambaya ba ta zuwa a shirye. Wani yana da fili wanda tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girman filin kuma murabba'in mita 84 ne. Idan faɗin x ne, tsawon x + 5 ne, sai mu sami x(x + 5) = 84. Buɗe baka, ka dawo da 84 hagu, ka sami x² + 5x − 84 = 0. Wannan shiryawar ita ce aikin farko, kowace hanya za ka bi daga baya.

Me ya sa dole sai gefe ɗaya ya zama sifili kafin a yi fakto?

Domin duk hanyar fakto a kan ƙa'ida ɗaya ta dogara: idan ka ninka lambobi biyu sakamakon ya zama sifili, to lalle ɗaya daga cikinsu sifili ce. Sifili kaɗai ke da wannan hali. In an ce maka an ninka lambobi biyu an sami 6, ba ka san komai a kansu ba tukuna. Suna iya zama 2 da 3, ko 1 da 6, ko 12 da rabi.

Ga inda ɗalibai ke faɗawa. An ba su (x − 2)(x − 3) = 6, sai su ga baka biyu a shirye, su rubuta x − 2 = 6, wato x = 8. Gwada 8 ɗin: 6 sau 5 talatin ne, ba shida ba. Abin da ya kamata shi ne a buɗe bakan, a sami x² − 5x + 6 = 6, a ɗebe 6 daga kowane gefe, ya rage x² − 5x = 0. Daga nan x(x − 5) = 0, amsa kuma x = 0 ko x = 5.

A wannan layin na x² − 5x = 0 akwai wani tarko. Wasu sukan rubuta x² = 5x, su raba kowane gefe da x, su sami x = 5 su tashi. Sun jefar da amsa guda, wato x = 0, saboda rabawa da x tamkar an yanke hukunci ne cewa x ba sifili ba ce. Kada ka raba da x. Fitar da ita waje a matsayin fakto.

Yaya ake yin fakton, musamman idan akwai lamba a gaban x²?

Idan a = 1, lambobi biyu kake nema waɗanda in an ninka su za su ba da c, in an tara su za su ba da b. A tambayar filin nan, x² + 5x − 84 = 0, muna neman biyu da ninkinsu −84, jimlarsu 5. Tunda ninkin mainus ne, ɗaya fulos ce ɗaya mainus, kuma tazarar da ke tsakaninsu 5 ce. Bi su ɗaya bayan ɗaya: 4 da 21 sun yi nisa, 6 da 14 saura kaɗan, 7 da 12 sun yi daidai. To 12 da −7 ke nan. Sai (x + 12)(x − 7) = 0, x = −12 ko x = 7. Fili ba ya da faɗin −12, saboda haka faɗinsa mita 7, tsawonsa mita 12.

Idan a ba 1 ba ce, ninkin da kake nema ya koma a sau c. Ɗauki 6x² + x − 15 = 0. A nan 6 sau −15 ya ba da −90, b kuma 1 ce. Lambobin su ne 10 da −9. Ba za ka zuba su kai tsaye cikin baka ba kamar ɗazu. Tsaga x ɗin tsakiya za ka yi da su, sannan ka haɗa biyu-biyu:

```
6x² + 10x − 9x − 15 = 0
2x(3x + 5) − 3(3x + 5) = 0
(2x − 3)(3x + 5) = 0
```

Amsa x = 3/2 ko x = −5/3. Lura da layi na biyu: abin da ke cikin bakan farko da na biyu dole su zama iri ɗaya. In ka ga (3x + 5) a ɗaya, (3x − 5) a ɗaya, to alama ta kuɓuce maka wajen fitar da −3. Koma can ka duba, kada ka ci gaba.

Na daɗe ina neman lambobin ban same su ba. Ni ne ban iya ba, ko babu su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani a wannan shafi, kuma akwai hanyar sanin amsarta cikin daƙiƙu. Lissafa b² − 4ac. Ana kiran wannan lamba diskiriminan. Ɗaliban Nijar da sauran masu karatu da Faransanci sun fi saninta da delta, suna rubuta ta Δ. Idan ta fito cikakkiyar sukwaya, irin su 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, to fakton yana nan, ci gaba da nema. Idan ba ta fito haka ba, ko ka kwana kana nema ba za ka sami lambobi cikakku da za su yi ba.

Gwada da 6x² + x − 15 = 0: 1 + 360 = 361, wato 19 sau 19. Shi ya sa ya fasu. Yanzu gwada x² + 6x − 4 = 0: 36 + 16 = 52. Tana tsakanin 49 da 64, ba cikakkiyar sukwaya ba ce. Babu laifinka, babu fakton ne. Ka bar shi ka kama wata hanya.

A ganina, rashin koya wa ɗalibai wannan gwajin tun da wuri shi ke sa da yawa su ɗauka fakto wani sihiri ne da wasu ke da shi wasu ba su da shi. Littattafan makaranta sukan cika babin fakto da tambayoyin da aka zaɓo don su fasu, sai yaro ya zaci kowane ikweshan haka yake. Alhali in ka ɗebo a, b da c da ka, ba tare da zaɓe ba, mafi yawansu ba za su fasu ba.

Mece ce hanyar cika murabba'i? Ina murabba'in yake?

Murabba'in na gaske ne, ana iya zana shi a ƙasa. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljebra a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya yi bayaninsa da misalin da a rubutun yau yake x² + 10x = 39. Zana murabba'i mai gefe x, girmansa x². Raba 10x gida biyu, 5x da 5x, ka manna ɗaya a gefen dama, ɗaya a ƙasa, kowanne faɗinsa 5 tsawonsa x. Abin da ka samu ya kusa zama babban murabba'i, sai dai kusurwa ɗaya da ta rage a buɗe, mai 5 sau 5, wato 25. Cike ta. Tunda ka ƙara 25 a hagu, ƙara 25 a dama: 39 + 25 = 64. Babban murabba'in gefensa x + 5 ne, girmansa 64, don haka x + 5 = 8, x = 3. Shi al-Khwarizmi a 3 ya tsaya, domin bai yi aiki da lambobin mainus ba. Mu a yau mukan ƙara da x + 5 = −8, wato x = −13.

Daga wannan zanen ƙa'idar ta fito: ɗauki rabin lambar da ke gaban x, ka ninka rabin da kansa, ka ƙara a gefe biyu. Ga ta a kan wanda ya ƙi fasuwa ɗazu:

```
x² + 6x = 4
x² + 6x + 9 = 13
(x + 3)² = 13
x = −3 ± √13
```

Rut na 13 kusan 3.606 ne, saboda haka x kusan 0.61 ko −6.61. Alamar ± ɗin nan ba ado ba ce. Wanda ya manta da ita ya zubar da rabin amsa.

In akwai lamba a gaban x² fa?

Sai ka fara raba komai da ita, domin ƙa'idar rabin b ba ta aiki sai x² tana tsaye ita kaɗai. A 2x² − 7x + 4 = 0, raba da 2 ka sami x² − (7/2)x = −2. Rabin 7/2 shi ne 7/4, sukwayarsa 49/16. Ƙara a gefe biyu: (x − 7/4)² = 49/16 − 32/16 = 17/16. Daga nan x = (7 ± √17)/4, kusan 2.78 ko 0.72.

Ya yi aiki, amma ka ga yadda furakshan ya cika wurin. In ba an ce lalle da wannan hanyar za a yi ba, irin wannan tambayar ta fomula ce.

To yaushe cika murabba'i ya fi sauran?

Wuri na farko: idan a = 1 kuma b tana rabuwa biyu ba saura. A nan babu furakshan, kuma sau da yawa ya fi fakto sauri ko da ikweshan ɗin mai fasuwa ne. Duba x² − 40x + 391 = 0. Kafin ka gano lambobin da ke shiga 391, ka gwada 3, 7, 11, 13 duk sun ƙi. Amma rabin 40 ashirin ne, sukwayarsa 400, sai (x − 20)² = 400 − 391 = 9. Ke nan x − 20 = ±3, x = 23 ko 17. Layi biyu an gama.

Wuri na biyu ya fi muhimmanci, domin a can fakto da fomula ba su ba da amsa kai tsaye: idan tambayar ita ce mafi yawa ko mafi ƙaranci. Mai lambu yana da wayar shinge mita 40, zai kewaye wuri mai kusurwa huɗu a jikin katanga, katangar ta tsare gefe ɗaya. Idan gefuna biyun da suka fito daga katanga kowanne x ne, na ukun 40 − 2x ne, girman wurin kuma x(40 − 2x). Cika murabba'i a kansa:

```
40x − 2x² = −2(x² − 20x)
          = −2[(x − 10)² − 100]
          = 200 − 2(x − 10)²
```

Karanta layin ƙarshe da kyau. Sukwaya ba ta taɓa zama mainus, don haka kullum wani abu ake ɗebewa daga 200, sai fa idan x = 10, inda abin ɗebewar ya zama sifili. Mafi girman wurin da wayar za ta kewaye murabba'in mita 200 ne, da gefuna 10, 20 da 10. Wannan siffar ita ce kuma ke nuna ƙololuwar zanen giraf ɗin, a inda x = 10.

Daga ina fomula ta fito? Haddace ta kawai zan yi?

Haddace ta, amma ka san cewa cika murabba'i ce aka yi sau ɗaya da haruffa domin a huta da maimaitawa. Akwai hanya mai tsabta ta fitar da ita, wadda ake dangantawa da masanin lissafin Indiya Sridhara: maimakon a raba da a, sai a ninka komai da 4a, furakshan ba zai shigo ba sai a layin ƙarshe.

```
4a²x² + 4abx = −4ac
4a²x² + 4abx + b² = b² − 4ac
(2ax + b)² = b² − 4ac
x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a
```

Wanda ya bi waɗannan layuka da hannunsa sau biyu ko uku, in fomula ta ɓace masa a ɗakin jarrabawa, zai iya sake gina ta. Kuma zai ga dalilin da ya sa b² − 4ac ke da iko haka: ita ce ke zaune a ƙarƙashin rut.

Ina sa lambobi a fomula amma amsata ba ta dacewa da ta littafi. Ina matsalar?

Kusan kullum alamar mainus ce. Mu bi 3x² − 5x − 4 = 0 a hankali. Kafin komai rubuta a gefe: a = 3, b = −5, c = −4, kowace da alamarta.

Farko, −b. Tunda b ita kanta −5 ce, −b ta zama 5. Masu gaggawa sukan bar ta −5, amsoshinsu biyu su fito da alama a juye.

Na biyu, b². Sukwayar −5 ita ce 25. Amma in ka danna `-5²` a kalkuleta irin ta makaranta, −25 za ta ba ka, domin tana yin sukwaya kafin ta sa mainus. Danna `(-5)²`, ko ka riƙe a ranka cewa b² ba ta taɓa zama mainus.

Na uku, −4ac. A nan 4 sau 3 sau −4 ya ba da −48, ɗebe −48 kuwa ƙara 48 ne. Diskiriminan ya zama 25 + 48 = 73. Wanda ya sami 25 − 48 zai ga mainus a ƙarƙashin rut ya ce babu amsa, alhali akwai. Ga abin da zai tsare ka: duk lokacin da a da c suke da alama daban, diskiriminan fulos ne, babu makawa.

Na huɗu, layin rabawa. 2a tana raba duk abin da ke sama, har da −b, ba rut kaɗai ba. Rut na 73 kusan 8.544 ne, don haka x = 13.544/6, kusan 2.26, ko x = −3.544/6, kusan −0.59. Kada ka taƙaita rut ɗin zuwa 8.5 tun a tsakiya; riƙe lamba uku ko huɗu bayan ɗigo, ka taƙaita a ƙarshe.

Akwai hanyar duba amsa ba tare da sake lissafin duka ba?

Akwai. Jimlar amsoshin biyu dole ta zama −b/a, ninkinsu kuma c/a. A misalin sama, −b/a shi ne 5/3, kusan 1.67, kuma 2.26 − 0.59 = 1.67. Sannan c/a shi ne −4/3, kusan −1.33, kuma 2.26 sau −0.59 kusan −1.33 ne. Duba biyun, kada ka tsaya a ɗaya: wanda ya juya alamun amsoshinsa duka zai ga ninkin ya yi daidai, jimlar ce za ta tona shi.

Idan abin da ke ƙarƙashin rut ya fito sifili ko mainus, kuskure na yi?

Duba alamunka tukuna. In sun yi daidai, to ikweshan ɗin ne ke gaya maka wani abu. Koma wurin mai lambun nan da wayarsa mita 40, ka yi masa tambaya uku.

Zai iya kewaye murabba'in mita 150? Wato x(40 − 2x) = 150, wanda in an shirya aka raba da 2 ya zama x² − 20x + 75 = 0. Diskiriminan 400 − 300 = 100, fulos, amsa biyu: x = 5 ko x = 15. Kuma a nan duka biyun suna aiki a ƙasa, ko wuri mai 5 da 30, ko mai 15 da 10. Na faɗi haka ne saboda wasu sun saba jefar da amsa ɗaya a kowace tambayar zance, kamar dole ne. Ana jefarwa ne kawai idan amsar ta saɓa wa abin da ake aunawa, kamar faɗin −12 na ɗazu.

Zai iya kewaye 200? Ikweshan ya zama x² − 20x + 100 = 0, diskiriminan sifili. Ƙara sifili da ɗebe sifili duk ɗaya ne, don haka amsa ɗaya ce, x = 10. Hanya ɗaya tak ke kai shi 200, domin nan ne iyakar wayar.

Zai iya kewaye 250? Yanzu x² − 20x + 125 = 0, diskiriminan 400 − 500 = −100. Babu lambar da za ka ninka da kanta ta ba da mainus a cikin lambobin da muke awo da su, saboda haka babu amsa: wayar ba ta isa ba. A manyan azuzuwa za ka haɗu da wasu lambobi da aka ƙirƙiro don irin wannan rut, amma ba su auna shinge.

Tunda fomula tana aiki a ko'ina, me zai hana in riƙe ta ita kaɗai?

Za ka sami amsa, ba musu. Amma za ka sha wahalar da ba ta zama dole ba, kuma kowane ƙarin mataki wata dama ce ta kuskuren alama. Mutum ya ga 4x² − 49 = 0 ya ɗauko fomula, alhali x² = 49/4, x = ±7/2, an gama. Haka idan c ce babu, kamar x² − 5x = 0, fitar da x ya wadatar. A jarrabawa irin ta JAMB, inda tambayoyi ke da yawa lokaci kuma kaɗan, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Sannan fakto ba don kwadiratik kaɗai ake koyonsa ba. Za ka buƙace shi wajen rage furakshan na aljebra, cika murabba'i kuma zai dawo maka a lissafin da'ira da giraf. Wani lokaci ma tambayar da kanta takan ambaci hanyar da za a bi. In an ce da cika murabba'i, ka yi da fomula, ko amsarka ta yi daidai ka rasa makin aiki.

Ga tambaya a gabana. Da wace zan fara?

Shirya ta gefe ɗaya ya zama sifili, kuma in akwai lambar da ke shiga a, b da c duka, raba da ita; 2x² − 40x + 150 = 0 ya fi daɗin aiki bayan ya koma x² − 20x + 75 = 0. Sannan duba ko b ko c babu, domin waɗannan ba su buƙatar wata doguwar hanya.

In duka ukun suna nan, karanta yadda aka ce a ba da amsa. Idan tambayar WAEC ko NECO ta ce a kai amsa zuwa lamba biyu bayan ɗigo, ko a bar ta da alamar rut, kusan an gaya maka ke nan cewa ba za ta fasu ba; tafi fomula kai tsaye, ko cika murabba'i in a = 1 kuma b tana rabuwa biyu. Idan ba a ce komai ba kuma lambobin ƙanana ne, ba fakto ɗan lokaci kaɗan. Bai fito ba, lissafa b² − 4ac. Aikin ba ya ɓaci: in ta fito cikakkiyar sukwaya ka san fakto yana nan, kuma ko ta fito ko ba ta fito ba, ka riga ka yi rabin aikin fomula, saura ka ɗauki rut ɗinta, ka haɗa da −b, ka raba da 2a.